Ƙarin wa'adi ko hutun biya, wanne ya fi wa mai bashin banki sauƙi?

"Salam 'yan uwa. Na ci bashin banki na sayi masara na ajiye a kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe, farashi ya karye, yanzu wata 2 ban biya ba. Abin da ya rage kaina in an haɗa komai miliyan 2 da dubu 400 ne, saura wata 12, ruwa kashi 30 a shekara. Akawun ofisa ya ce in zaɓa, ko a ƙara min wa'adi zuwa wata 24 ko a ba ni hutun wata 4. Wanne ya fi?"

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya warware. Kafin ka ce musu komai ka tambayi kanka abu ɗaya tsakani da Allah, kuɗinka makara suka yi ko raguwa suka yi? Don hanyoyin nan biyu ba ciwo ɗaya suke magani ba, hutu na wanda kuɗinsa ke hanya ne ya san ranar isowarsu, ƙarin wa'adi kuma na wanda samunsa na wata ya ragu ne kuma bai ga alamar zai dawo nan kusa ba.

Bari mu buga lissafi da lambobinka, na ɗauka irin bashin nan ne da ake biyan adadi ɗaya duk wata kuma ruwan yana hawa kan abin da ya rage. Kashi 30 a shekara kashi 2.5 ke nan a wata, wato miliyan 2.4 ɗinka tana haifar dubu 60 duk wata tana zaune. In ba a taɓa komai ba, wata 12 za ka riƙa zuba wajen dubu 234, ruwan gaba ɗaya ya kama kusan dubu 408. Wannan shi ne ma'auninmu.

In aka ja shi zuwa wata 24 biyan wata zai sauko wajen dubu 134, ka ga an ɗauke maka dubu 100 duk wata, kuma sauƙin ba na ɗan lokaci ba ne, haka zai tafi har ƙarshe. Kuɗin sauƙin kuma shi ne ruwan ya tashi daga dubu 408 ya koma wajen dubu 821, ya ninka. Mutane da yawa in suka ji an ninka wa'adi sai su zaci biyan zai rabe biyu, ba ya rabewa, dubu 134 ba rabin 234 ba ce.

Hutun kuma a nan ne nake so ka buɗe kunne don kalma ɗaya ce amma kala uku ce a takarda, kuma a baki ba kowane ofisa zai tsaya ya bambance maka ba. Kala na farko a ɗaga maka uwar kuɗi kawai, ka riƙa biyan ruwa dubu 60 duk wata har wata 4, sannan a tura ƙarshen bashin gaba da wata 4, in hutun ya ƙare ka koma dubu 234 ɗinka na wata 12. Ruwan duka ya zama wajen dubu 648, ka ga ya fi ƙarin wa'adi araha da dubu 170 da ɗoriya. Na biyu a ce kar ka biya ko sisi, wanda shi kowa ke so, amma ruwan bai tsaya ba, tara shi ake a ɗora kan uwa shi ma ya fara haihuwa, bayan wata 4 bashinka ya zama kusan miliyan 2 da dubu 650, biyan wata ya koma wajen dubu 258, wato ka dawo daga hutu ka tarar kaya ya fi na da nauyi. Na ukun shi ne mugun, a ba ka hutun wata 4 kana biyan ruwa amma ba a taɓa ranar ƙarshe ba, sai a matse miliyan 2.4 cikin wata 8 da suka rage, biyan wata ya tashi wajen dubu 335. Mutumin da dubu 234 ta gagara ina zai kai 335? Don haka in ya ce hutu ka tambaye shi wanne, kuma ka ce a buga maka jadawalin biya wata bi wata ka gani da idonka kafin ka sa hannu.

To kai wanne ya dace da kai? Ni a ganina ba hutu ba. Da a ce ka riga ka sayar wa wani kamfanin abincin kaji sun ce za su biya nan da wata 3 akwai takarda, ko kwangila ce ka gama kana jiran a saki kuɗi, sai in ce karɓi kala na farko ka huta, ya fi arha. Amma kai farashi kake jira, shi kuwa farashi bai yi wa kowa alkawarin rana ba. Ka lissafa da kanka, kafin riƙe masarar nan ya biya ka sai buhu ya riƙa tashi fiye da kashi 2.5 duk wata, ban da kuɗin sito da maganin ƙwari da ramewar da hatsi ke yi in ya daɗe, kuma in hutun ya kai ka bakin kaka sabuwa ta fara shigowa daga su Kumo da Dadin Kowa ka san yadda tsohuwa ke komawa. Wata 4 su wuce ka biya dubu 240 na ruwa zalla, uwar ko naira ba ta ragu ba, sai ka koma neman alfarma karo na biyu, kuma banki ba ya kallon mai dawowa na biyu da idon da ya kalle shi da farko.

Abin da zan kai musu da ni ne kai ba ya cikin biyun da suka ba ka. Ka runtse ido ka sayar da wani kaso na masarar ko da faɗuwa ne, ka haɗa dubu 600 ka ajiye musu, sauran miliyan 1.8 ka nemi a raba wata 18. Biyan wata zai kama wajen dubu 125, ƙasa da na wata 24 ɗin ma, ruwan duka wajen dubu 457 maimakon 821. Kuma wanda ya shigo da kuɗi a hannu maganarsa daban ce, shi ofisan ma ya samu abin rubutawa a fayil. Da wannan dubu 600 ɗin za ka nemi a yafe tara, ka kuma nemi a rubuta cewa in ka samu kuɗi ka biya kafin lokaci ba za a caje ka komai ba, wannan sharaɗin shi ke cire wa dogon wa'adi dafinsa, in farashi ya tashi a watan shida sai ka rufe bashin ruwan sauran watannin ya faɗi.

Kar ka amsa adadin da ba za ka iya ba don kunyar manaja. Ka ɗauki sitetimen ɗinka na wata 6, ka duba watan da kasuwa ta fi mutuwa, abin da za ka iya fitarwa a wannan watan bayan cefane da kuɗin makaranta shi ne adadinka, ba na watan da aka yi ciniki ba.

Yanzu maganar lokaci, ita ce ta fi damuna da na ga ka ce wata 2. A ƙa'idar CBN bashin da ya kai kwana 90 ba a biya ba ana lissafa shi cikin wanda ya lalace, dole banki ya fara ware kuɗi a kansa, daga nan kuma fayil ɗin yakan bar hannun wanda ya san ka ya koma sashen ƙwato bashi, su kuwa aikinsu ba sulhu ba ne. Kusan wata ɗaya ya rage maka. Sunanka kuma yana tafiya wajen kamfanonin da ke ajiye tarihin masu bashi irin su CRC da FirstCentral, duk bankin da ka je gobe zai gani. Sannan akwai tsarin ƙwato bashi na CBN da ake kira GSI da ya fara aiki tun Agustan 2020, in ka sa hannu a kansa lokacin karɓar bashin za su iya bin BVN ɗinka su cire daga akawun ɗinka na wasu bankuna, don haka dabarar kwashe kuɗi a kai wani banki ba ta ci yanzu. Amma ka sani uwar kuɗi da ruwa kawai aka yarda su cira ta wannan hanyar, ban da tara.

Kuma duk abin da ofisa ya faɗa maka a baki ko a waya, kwamfuta ba ta ji ba, tana nan tana ƙirga kwana. Reshen Gombe ba shi ke amincewa ba, rubutawa suke su tura sama a zauna a kai, yana iya ɗaukar makonni. Saboda haka ka rubuta wasiƙa zuwa ga manajan reshe cikin satin nan, shafi ɗaya ya isa, lambar akawun, dalilin da ya sa ka tsaya, nawa za ka ajiye yanzu, nawa za ka iya duk wata, daga wace rana. Ka haɗa da rasit ɗin masarar da shaidar tana sito, ka yi kwafi biyu su buga maka hatimi da kwanan wata a naka. Kana jira kana zuba wani abu ko da dubu 60 ɗin ruwan ce, kar akawun ya yi shiru. Garantonka ma ka same shi da kanka ka faɗa masa, don sau da yawa sai ya sake sa hannu a sabuwar yarjejeniyar, gara ya ji daga bakinka da ya ji daga banki.

In sabuwar takardar ta fito ka duba kashi nawa aka rubuta, don wani lokaci a nan ake sabunta ruwan zuwa na yau ba ka lura ba, duk lissafin da muka yi a sama a kan 30 ne. Ka duba caji. Jadawalin cajin banki na CBN na 2020 ya ce kuɗin sake tsara bashi kar ya wuce kashi 0.5 na abin da ya rage kuma sau ɗaya ake biya, naka dubu 12 ke nan a kan miliyan 2.4, in ka rage zuwa 1.8 kuma dubu 9. Tarar makara kuma iyakarta kashi 1 a wata kan abin da ka makara da shi, ba kan bashin duka ba, biya biyu da ka tsallake tararsu ba ta kai dubu 5 a wata ba. In ka ga an narka wata tara mai kauri cikin uwar kuɗi ka ce a warware maka ita layi layi, in ba su gyara ba ka shigar da ƙorafi a rubuce a bankin, in suka yi shiru ka wuce sashen kare haƙƙin kwastoma na CBN da kwafin wasiƙarka.

Ga sauran 'yan uwa da nasu na bankin da ba ruwa ne irin su Jaiz ko TAJ, in murabaha ce lissafin nan bai hau kanku ba. Can kaya aka sayar muku da riba da aka yanke tun farko, in an ƙara wa'adi ba a ƙara kuɗin, tarar makara ma sadaka ake kai ta ba aljihun banki ba. Shi ya sa a can ƙarin wa'adi kusan kullum ya fi wa mai bashi, shi ya sa kuma za su tsananta bincike su tabbatar da gaske ba ka da shi kafin su yarda.