Gargaɗi ga yan Nima da Mamobi: ku yi hattara da mai kawo kebul ɗin Cat6 a babur

Salamu alaikum yan uwa, wannan rubutun na masu kafe ne da masu shagon buga takardu da duk wanda ke shirin ja wayar intanet a gida ko ofis. Akwai wani bawan Allah da ke yawo a babur da kwalayen kebul, yana cewa ragowar kwangila ce ta wani babban ofis shi ya sa yake bayarwa kusan rabin kuɗin da ake sayarwa a Sakul. Ba zan faɗi sunansa ba, dama sunan da ya ba mu ma ban yarda nasa ba ne. Amma zan faɗi yadda yake yi.

Zai ciro guntun waya daga aljihu ya ce kankare ka gani, ka kankare ka ga jan ƙarfe zalla har ciki. Kwalin kuma an rubuta Cat6, mita 305, an liƙe tsaf. To guntun aljihun daban, abin da ke cikin kwalin daban. Na cikin kwalin alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe siriri a sama, irin wanda ake rubuta wa CCA in mai kamfanin na da ɗan tsoron Allah, wannan kam ko rubutun babu. Sannan yana ƙara maka kyautar ƙananan wayoyi masu kai haɗe da ledar kawunan RJ45, wai don a saba.

Wani Alhaji da nake yi wa aiki ya sayi kwali biyu ban sani ba, ya sa yaron shagonsa ya ja. Bayan kamar wata uku ya kira ni yana faɗa, wai kamfanin intanet na cutarsa, yana biyan kuɗin 200 Mbps amma kwamfutocin sama ba sa wuce 94. Na ce Alhaji 94 daidai, kullum? Ya ce safe da dare. Nan na san ba kamfani ba ne, don in layi ne ke wasa lambar hawa da sauka take, yau 60 gobe 150. In ka ga ta tsaya cak a 94 ko 95 kamar an buga ƙusa to mahaɗar ce ta faɗo zuwa 100 Mbps, ɗan abin da ya ragu kuma na lissafin tura bayanai ne.

Dalilin mai sauƙi ne. A cikin kebul akwai siraran wayoyi 8 an murɗa su biyu biyu. Gudun gigabit, wato 1000 Mbps, sai da duka takwas ɗin, amma 100 Mbps huɗu kawai yake buƙata, na 1, 2, 3 da 6, wato masu ruwan lemu da koraye. Saboda haka in shuɗi ko mai ruwan ƙasa ya karye intanet ba zai ɗauke ba, na'urorin biyu za su sasanta kansu su koma 100 shiru ba wanda ya gaya maka. Abin da ya sa cutar ke daɗewa kenan ba a gane ba, komai na aiki, sai dai a hankali, kai kuma kana ta zagin kamfani.

Na hau sama na danna Win+R a kwamfuta ɗaya na rubuta

```
ncpa.cpl
```

na danna Ethernet sau biyu, wajen Speed ga shi ɓaro ɓaro 100.0 Mbps maimakon 1.0 Gbps. Na sauko da kwamfutar kusa da rawuta na sa guntuwar wayata da na yarda da ita, take ta nuna 1.0 Gbps, gwaji ya kai kusan 190. Alhaji ya yi shiru.

Daga nan na sa testa a doguwar wayar da ta hau sama, kamar mita 70, fitila ta 7 ba ta kamawa. Na yanke kan na duba, wayar ta karye daidai inda haƙorin RJ45 ya cije ta. Halin alminiyam kenan, ba ya jure lanƙwasa, kuma da zarar haƙori ya huda shafen saman iska ta taɓa shi sai ya yi wani farin tsatsa da ba ya barin wuta ta wuce da kyau, ga iskar Ankara mai danshi da gishirin teku. Shi ya sa ranar da aka ja komai lafiya, fitilun testa duk sun kama, an biya kuɗi an yi godiya, sai bayan watanni ciwon ya fito. Ƙaramar testar nan ta kasuwa fa abu ɗaya ta sani, wuta ta isa ɗaya ƙarshen ko ba ta isa ba, ba ruwanta da ingancin ƙarfe.

Don Alhaji ya gani da idonsa na haɗe bakin wayoyi biyu a ƙarshe ɗaya na auna da na'urar mita mai gwada tirjiyar waya ga wuta a ɗayan. Ƙa'ida ita ce waya ɗaya kar ta wuce om 9.38 a mita 100, kenan zuwa da dawowa a mita 70 bai kamata ya haura 13 da ɗan abu ba. Ta nuna min sama da 20. Wannan ne ma ya bayyana dalilin da kyamararsa ta bakin ƙofa, wadda ke shan wuta ta cikin kebul ɗin, take mutuwa tana tashi da dare lokacin da fitilunta na ganin duhu suka kunna, shi kuma yana ta ɗora wa dumso, wato yawan ɗauke wuta, laifi.

Wayoyin kyautar kuwa abin dariya abin haushi, na yanka ɗaya na tarar siraran wayoyi huɗu ne kawai a ciki, a jiki an buga Cat6 da manyan baƙaƙe. Irin wannan ko ka kwana kana addu'a ba za ta wuce 100 ba. Ba sai ka yanka ba ma, ɗaga kan a haske ka ƙirga launuka ta cikin robar, in ba su kai takwas ba ajiye masa abarsa.

In ya zo muku, ko shi ko waninsa, kar ku karɓi guntun aljihu. A buɗe kwalin a gabanku a yanko daga ciki, a feƙe waya ɗaya a kankare da wuƙa ko reza, in fari ya fito kamar cokali to alminiyam ne. Ko ku sa mata laita, jan ƙarfe zai yi ja ya tsaya a miƙe, ta bogin nan take za ta lanƙwashe ta zube. Ku ɗaga kwalin ma, na gaske yana da nauyi sosai, nasa kuwa yaro ma zai ɗauka da hannu ɗaya yana waya da ɗayan. Mu da muka kira shi aka ce a zo a buɗe sabon kwali a gabansa sai ya ce yana Kasuwa zai dawo da la'asar, har yau lambar a kashe.

Alhaji ya tambaye ni ko a sake kawunan kawai a huta. Na sake masa na wucin gadi kuma gigabit ya dawo, amma na gaya masa gaskiya zai sake faɗuwa, musamman ta kyamarar da ke ɗaukar wuta bai kamata a bar ta a silin ba tunda tana ɗumama. Ranar Asabar muka zare duka muka ja sabuwa, kuɗin aiki sau biyu kenan. Ragowar kwali ɗaya da rabi na nan a shagonsa a Nima, wanda ke son ya ga yadda take ya kankare da hannunsa ya yi min magana in kai shi.