Sabulun magani ko sabulun gida: wanne ya fi wa yaro mai maruru?

Tambaya: "Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina Garwa. Tun shigowar zafin nan yarona ɗan shekara 7 yake fama da maruru, wannan ya fashe wani ya fito, a hammata da mazaunai. Kullum da sabulun magani nake masa wanka, har ina ɗiga maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan. Surukata ta ce in koma sabulun gida. Wanne ya fi?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba yaro lafiya. A wankan yau da kullum dai ina bayan Hajiya surukarki. Sabulun magani yana da ranarsa, zan zo kanta, amma sai kin san su wane ne ke zaune a fatar yaron nan kafin ki ga dalili.

Babu fatar mutum mai rai da ba ta da ƙwayoyin bakteriya, komai tsabtarsa. Tun 1938 wani likita Ba'amurke, Philip Price, ya raba su gida biyu: 'yan gida da baƙi. Baƙi su ne waɗanda hannu ke kwasowa daga kuɗi, ƙofar ban ɗaki, hancin wani yaro, suna zaune a sama sama, ruwa da sabulu na tafiya da su. 'Yan gida kuwa sun yi kaka-gida a cikin ramukan gashi da kafofin maiƙo da tsakanin ɓawon fata, inda soso ba ya kaiwa. Ki wanke su da safe, kafin dare sun sake fitowa daga ramukan sun cika wurin.

Mai kawo maruru kusan kullum ƙwaya ɗaya ce, Sitafilokokus oriyus. Tana da 'yar'uwa ta jini ɗaya, Sitafilokokus efidamidis, wadda ke fatar kowa, kuma a madubin ɗakin gwaji sai ka rantse su ɗaya ne. Halinsu ne ya sha bamban. Oriyus tana da dafin da ke kashe fararen ƙwayoyin jini, shi ya sa take tara mugunya. Efidamidis ba ta da irin wannan dafin, zamanta ma a wurin tsaro ne. Ta riga ta kama wurin maƙalewa, ta cinye ɗan abincin da ke kan fata, don haka baƙuwar da ta sauka ba ta samun wurin tsugunawa balle ta hayayyafa. Wasu nau'o'inta kuma suna fitar da wani sinadari da ke narkar da yauƙin da oriyus ke lulluɓe kanta da shi, masu bincike a Japan suka nuna haka a 2010. A 2016 wasu a jami'ar Tubingen ta Jamus suka gano cewa wata 'yar dangin, mai zama a hanci, tana haɗa nata maganin da ke kashe oriyus, aka sa masa suna lugdunin. Ban da haka, zaman 'yan gida yana zungurar fatar ita kanta ta riƙa fitar da nata sinadaran kariya.

Akwai kuma maganar tsami, wadda na fi so mutane su riƙe. Lafiyayyiyar fata tana da ɗan tsami, a ma'aunin tsami da ake kira pH, inda ƙasa da 7 tsami ne, sama da 7 kuma kaifi, tana wajen 5. Wani ɓangare na tsamin nan aikin wata 'yar gida ce, Kutibakteriyum aknes, da ke zaune a kafofin maiƙo na fuska da ƙirji da baya, tana farfasa maiƙon ya koma asid. Efidamidis tana jin daɗin wannan tsamin. Oriyus ta fi son wuri ya kusa 7. A yaro ɗan shekara 7 maiƙon bai yi yawa ba tukuna, sai an balaga yake ƙaruwa, to tsamin fatarsa ya fi dogara ga gumi da lafiyar ɓawon fatar. Ba shi da rarar da za a yi wasa da ita.

Yanzu mu ajiye sabulun biyu kusa da juna.

Wajen kawar da baƙi, kunnen doki suke. Sabulu ba sai ya kashe ƙwaya ba, kama maiƙo da datti yake yi, cuɗawa ta ɓamɓare su, ruwa ya tafi da su. Maganin da ke cikin ɗaya sabulun yana buƙatar ya daɗe a kan fata kafin ya yi aiki, mu kuwa kumfa na tashi muke ɗauraye wa. An gwada wannan a unguwannin talakawa na Karaci a Fakistan, aka buga sakamakon a 2005. Gidaje 300 aka ba sabulu mai maganin tirikulokaban, gidaje 300 aka ba sabulu zalla, wasu gidajen ba a ba su ba, aka bi su shekara guda. A gidajen sabulu zalla, ƙurajen nan masu ruwa da ke yin ɓawo launin zuma, waɗanda oriyus na cikin masu kawo su, sun ragu da kashi 34 cikin 100 a yara. Tsakanin sabulu mai magani da marar magani kuwa ba a ga wani bambancin a zo a gani ba. A 2016 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa tirikulosan da tirikulokaban a sabulun wanka na kasuwa, domin masu yin sa sun kasa nuna ya fi sabulu zalla, sun kuma kasa nuna ba ya cutarwa in an daɗe ana amfani da shi.

Wajen 'yan gida ne suka rabu. Sabulun gida yana rage na sama, ya bar na cikin ramuka. Sabulun magani yana barin ɗan saura a fata bayan wanka, kuma sauran nan bai san oriyus daga efidamidis ba, tunda dangi ɗaya ne. Ba zan ce miki yana ƙarar da su ba, ba ya iyawa, suna dawowa. Amma kullum ta Allah kina rage masu tsaron wurin, ita kuwa oriyus tana da maɓoyar da wankan bai taɓa isa ba.

Maɓoyar nan hanci ce. Kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da oriyus a bakin kafar hancinsa ba tare da ciwon komai ba. Ki duba yadda abin ke tafiya a jikin yaronki a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke wuce digiri 40. Gumi ya toshe kafofi, ƙurajen zafi suka feso a hammata da inda robar wando ke kama shi. Yana ƙaiƙayi, ya sa yatsa a hanci, ya dawo ya sosa da farcen nan. Farce ya yi ɗan ƙarzane a gindin gashi, ya dasa ƙwayar a ciki. Bayan 'yan kwanaki wurin ya yi tauri ya yi zafi, ya nuna, ya fashe. Mugunyar ta shiga tawul da soso da zanin gado, gobe a goga masa ita a wani wurin, ko a goga wa ƙaninsa. Duk cikin zagayen nan babu inda ɗigon magani a bokiti ya tare hanya. Ɗigon ma ya salance da yawa, ba zai kashe abin kirki ba, in kuma aka zuba da yawa ya busar da fata ya sa ta ƙaiƙayi, susa ta ƙaru.

Kada kuma a ɗauka sabulun gida ba shi da laifi. Sabulun salo da sandar sabulun wanki duk masu kaifi ne, pH ɗinsu yakan kai 9 zuwa 10, kuma bayan wanka fata na ɗaukar sa'o'i kafin tsaminta ya dawo. Wanka da sabulu sau uku a rana da dirzar soson buhu har fata ta yi ƙara, shi ma ɓarna ne. Sabulu sau ɗaya a rana ya isa, a hammata da matsematsi da ƙafa da hannu, sauran watsa ruwan na zafi a yi shi da ruwa zalla. In hunturu ya shigo fata ta fara yin fari tana tsagewa, a shafa man kaɗanya ko basilin tun jiki na da danshi, don kowace tsaga ƙofa ce. Manya masu shafa man bilicin su ma su ji: da yawa cikin mayukan nan akwai maganin siteroyid mai sirantar da fata ya kwantar da garkuwarta, shi ya sa ake yawan ganinsu da ƙuraje da makero.

Ranar maganin kashe ƙwayoyin cuta ita ce lokacin da ake son a rage komai na ɗan lokaci da gangan. Kafin allura ko tiyata ana goge fata da alkohol ko aidin, domin efidamidis ɗin nan da nake yabo, in ta bi robar ƙarin ruwa ta shiga jini, ita ma cuta ce babba, musamman ga bakwaini. Haka ake sa kulohezidin a cibiyar jariri. A maruru mai dawowa kuma likita kan rubuta abin da ake yi na kwana 5 kacal: man mufirosin a bakin kafofin hanci safe da yamma, da wanka da kulohezidin a bar shi ya ɗan jima a jiki kafin a ɗauraye, ba a kai shi ido ko kunne. Sau da yawa mutanen gida duka ake haɗawa, a wanke tawul da zanin gado da ruwan zafi a shanya a rana, a sake soso, kowa da nasa. Kwana 5 na cika sai a tsaya, 'yan gida su sake cika wurin. Ko wannan ba tabbas ba ne, wasu oriyus kan dawo musu bayan 'yan watanni, kuma in aka mai da mufirosin man shafawa na kullum ƙwayar takan daina jin sa. Saboda haka kada ki je ki saya a farmasi da kanki.

Wanda ke jikinsa yanzu, ki riƙa gasa shi da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, minti 10 zuwa 15, sau uku ko huɗu a rana, har ya fashe da kansa, sannan ki rufe shi da bandeji ki wanke hannu. Ban da matsa, ban da fasa kafso a barbaɗa. Ki yanke masa farce. Tunda abin ya maimaitu, ki kai shi asibiti a ɗebi mugunyar a shuka ta a ɗakin gwaji, a ga wane magani take ji, a kuma duba ko ƙazwa ce a ƙasa take sa shi susa. Babba ne ke irin wannan, da gwajin suga zan fara. In kuwa kin ga zazzaɓi, ko kumburi na yaɗuwa da zafi, ko kaluluwa ta tashi, ko marurun ya fito tsakanin hanci da leɓen sama ko kusa da ido, ranar za ki kai shi, kada ki jira ya nuna.