Bangon kicin ƙafa 10 a 12: tayil ko fenti?

"Assalamu alaikum 'yan uwa. Kicin ɗinmu a Ɗorayi ƙafa 10 ne a 12, an gama filasta. Tayil zan sa a bango ko fenti? Mai tayil ya ce katan 35, mai fenti ya ce bokiti biyu, kuma kuɗin hannunmu ba yawa."

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya alheri. Ki sa tayil, amma kada ki kai shi har silin. Layi biyar daga ƙasa ya ishe ki, abin da ya rage a sama ki shafa masa fenti galan ɗaya. Kuma kada ki ba kowa kuɗi a kan lissafin nan da aka yi miki, don duka biyun sun yi yawa.

Nawa kicin ɗin a Gwammaja haka yake, farin tayil mai santsi 25×40, kuma ni mai suya ce. Ranar da na soya kifi ko na yi miyar manja, bangon bayan risho sai ya koma ja ɗigo-ɗigo har wajen taga. Da yamma yarinyata ta ɗauki soso da ruwan omo ta bi shi, kafin a kira magariba ya koma kamar ba a yi girki ba. Da hunturu kuwa, da ƙura ke shigowa ta kowace kafa ta kwanta a kan maiƙo, tsumma mai laima ne maganinta. Tun da muka tare ban sake kashe wa bangon nan ko sisi ba, sai farin simintin tsakanin tayil da ya ɗan yi duhu a bayan wurin wanke-wanke, shi ma tsohon buroshin haƙori ke gyara shi. Fenti kam ya fi araha nesa ba kusa ba, wannan ba musu, amma gidan hayar da muka zauna a da kicin ɗinsa fenti ne, in kin goge ya biyo soso, in kin bari ya yi baƙi.

To ga yadda za ki auna da kanki. Ki ari tef, ki juya shi ɓangaren mita, domin da sukwaya mita ake sayar da tayil, shi ne kuma ke rubuce a jikin katan. Ƙafa 10 mita 3.05 ce, ƙafa 12 kuma mita 3.66. In kika zagaye bango huɗun za ki sami mita 13.4. Ba ki faɗi tsayin bangon ba, zan ɗauka mita 3 ne daga daɓe zuwa silin, ke kya gyara in naki ya bambanta. Mita 13.4 sau 3 ya ba da sukwaya 40.2. Sai ki cire ƙofa da taga, tunda ba a manna musu komai. Ƙofar da aka saba 0.9 ce a 2.1, wato sukwaya 1.9, taga mai 1.2 a 1.2 kuma 1.4. Abin da ya rage kusan sukwaya 37 ne. Wannan adadin ki rubuta shi a takarda, da shi za ki yi magana da mai tayil da mai fenti baki ɗaya.

Tayil 25×40 guda goma ne ke rufe sukwaya ɗaya. Katan ɗin da na saya guda 15 ne a ciki, sukwaya ɗaya da rabi ke nan, amma ki karanta jikin naki, kamfanoni ba sa zuba adadi ɗaya. Ba kuma za ki sayi daidai sukwaya 37 ba, dole a yi ɓarna. Duk inda layi ya isa kwana sai an yanka, gefen taga sai an yanka, wurin soket da bututun famfo sai an huda, wani ya tsage a hannun mai aiki, wani ki buɗe katan ki tarar ya fashe tun a cikin a-daidaita-sahu. Shi ya sa ake ƙara kashi 10 cikin 100 in jeri ne miƙaƙƙe. In tayil ɗin mai zane ne da sai an haɗa fure da fure, ko za a jera shi a karkace, a ƙara kashi 15. Naki da ƙarin kashi 10 ya zama sukwaya 40.7, ki raba da 1.5, katan 27 da 'yan kai. Ki ce 28. To katan 35 sukwaya 52 da rabi ne. Ki tambaye shi cikin girmamawa, ragowar bakwai ɗin wane bango za su? Wataƙila ya haɗa da na ƙasa ne, wanda shi sukwaya 11 ne da ɗan ɗori kuma wani tayil ne daban, mai kauri marar santsi. Wataƙila katan ɗin da yake nufi ƙarami ne. Wataƙila kuma da ido ya auna.

Yanzu ga abin da na ce ki yi. In aka tsayar da tayil ɗin a tsaye, tsawon kowane santimita 40 ne, layi biyar ya kai mita 2 ke nan, kusa da saman ƙofa, kuma layin ƙarshe ba sai an yanka shi ba. Mai ba ya tsalle ya wuce nan, hannun yaro ma bai kai ba. Mita 13.4 sau 2 sukwaya 26.8 ne. Ki cire ɓangaren ƙofa da taga da suka faɗo ciki, kusan sukwaya 3, saura 24. Da ɓarna 26.4, katan 18 ke nan. Kin ga daga 35 mun sauko 18, kusan rabi. In kuma kafinta zai kafa miki kabad ɗin ƙasa a jikin dogon bangon, bayansa wajen sukwaya 3 ne da ba mai gani, katan biyu ke nan. Ni dai ban cire wannan ba, saboda a nan bututun ruwa yake, kuma na fi son in ruwa ya ɗiga ya sami tayil.

Katan ba shi ne duka kuɗin ba, a nan mutane ke shan mamaki. Akwai siminti da yashi, ko gam ɗin tayil, akwai farin siminti na cike tsakani, da robar kwana ta gefen taga da saman layin ƙarshe, da kuɗin mota, da kuɗin aiki. Simintin da za a ci ya danganta da miƙewar filastarki. Ki sa a ɗora dogon katako miƙaƙƙe a jikin bango ki duba: in kina hango haske a tsakaninsu, bangon yana da ciki, kuma da siminti za a cike wannan ramin. Kuɗin aiki kuma ku yi ciniki a kan sukwaya, a auna abin da aka manna bayan an gama. In kuka yi a kan katan, duk katan ɗin da ya buɗe kuɗinsa ne, ba abin da zai sa ya yi tattalin yanka.

Na fenti gajere ne. Fenti mai kyau a bango mai laushi lita ɗaya kan rufe sukwaya 8 zuwa 10 a shafa ɗaya, ki duba jikin bokiti ki ɗauki ƙaramin adadin. Sukwaya 37 shafa biyu 74 ne, a raba da 8, lita 9 da 'yan kai, ki ce 10 saboda abin da rola ke sha da wanda ke zuba. Sabuwar filasta tana shanye shafar farko, don haka ki ƙara kamar lita 6 na shimfiɗa. Lita 16 ke nan, babban bokiti kuma lita 20 ne. Ɗaya ya isa har da saura. Bokiti biyu sai dai in irin mai arahar nan ne da ba ya rufewa sai an bi shi sau uku ko huɗu, in kuwa shi ne, arahar ta tafi. Kuma fentin ruwa na falo ba na kicin ba ne, sai satin ko mai mai, wanda ake iya wankewa. A tsarin da na ba ki, saman tayil mita 1 ne sau 13.4, shafa biyu kusan sukwaya 27, galan ɗaya mai lita 4 ya rufe shi. Ki dai sa a yi masa shimfiɗa tukuna, kuma a bar filasta ta bushe kamar sati huɗu, musamman in damina ce, in ba haka ba fentin zai kumbura ya riƙa ɓarewa.

Ba ki tambaya ba, amma ki ji wannan kafin ku shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Sabon Gari. Kada ki tura mai aiki shi kaɗai da kuɗi. Ku je tare da maigidan ko wani ɗan uwa, domin akwai masu shagon da ke ajiye wa mai aiki la'adarsa a kan kowane katan, kuma daga aljihunki take fitowa. Masu gaskiya suna nan da yawa, amma ba a goshi ake rubutawa ba. Ki sa a buɗe katan biyu ko uku daga tsakiyar tari, ba wanda aka miƙo miki ba, ki ƙirga. Ki haɗa guda biyu fuska da fuska: in suna rawa ko gefensu bai haɗu ba, lanƙwasassu ne, irin da kamfani ya ware, kuma a bango bakinsu zai riƙa fitowa. Ki duba lambar ɗaba'i da ta launi a jikin kowane katan su zama iri ɗaya. Fari ma kala-kala ne, ba za ki gane ba sai an manna, hasken taga ya bugi bangon ki ga wani sashe ya fi wani duhu. Wannan ne ma dalilin da ya sa ake sayen na ɓarna tun farko, don in kika koma neman katan ɗaya bayan wata biyu da wuya ki sami ɗan'uwansa. Fenti kuwa ki duba murfin ko an taɓa ɓalle shi, akwai masu ɗura na banza a bokitin kamfani mai suna, akwai kuma bokitin da girmansa na lita 20 ne amma cikinsa bai cika ba.

Ranar aiki ki leƙa ki ga ya jiƙa tayil ɗin a baho kafin ya manna, in da siminti yake yi, domin busasshen tayil na bango yana zuƙe ruwan simintin ya ƙi kamawa. Washegari ki bi bangon kina ƙwanƙwasawa da bayan cokali. Wanda ya yi ƙara kamar ba komai a bayansa, simintin bai cika ba, ki sa ya cire ya sake kafin ki ba shi cikon kuɗinsa. Guda biyar ko shida da suka rage kuma ki ajiye su a sito, ranar da mai gyaran famfo zai fasa bango za ki neme su.