Mai sayar da waya ya ƙi a haɗu: ta ina kuɗi za su bi?

A ce kana Kano, ka ga iPhone 11 'yar hannu a Jiji ko Facebook, farashinta ƙasa da na kasuwar waya ta Farm Centre nesa ba kusa ba. Ka kira, mai ita ya ce yana Legas, aiki ya riƙe shi, amma ka tura rabin kuɗi ya ba direba a tasha ya kawo maka. Nisa ba laifi ba ne. Abin dubawa shi ne wace hanya zai yarda a bi.

Hanyar da ya kawo da kansa, wato kafin alƙalami, ita ce mafi muni. Hoton rasit da bidiyon kwali ba su tabbatar da komai, ana kwaso su daga shafin wasu. Yadda abin ya saba tafiya, bayan ka tura sai wani ya kira ka da sunan direba, ya ce an tare mota sai ka ƙaro wani abu. Daga nan layi ya mutu. Lura kuma da sunan da ya fito lokacin tiransifa: idan ya bambanta da na wanda kuke magana, ya ce ai asusun ƙanwarsa ne, tsaya nan.

Biya bayan kaya sun iso ya fi wannan, amma da sharaɗi: ɗan aike ya yarda ka buɗe ka gwada kafin ka biya. Idan aka ce biya tukuna sannan ka buɗe, an koma gidan jiya. Akwai kuma kamfanonin da ke riƙe kuɗi a tsakani har mai saye ya gamsu. Suna da amfani idan kai ka nemo su da kanka. In mai waya ne ya turo maka adireshin shafin, ɗauka shi ne a can ma.

Ni dai wakili na fi yarda da shi. Da wuya Bahaushe ya rasa ɗan'uwa ko abokin kasuwanci a Agege ko Ikeja. Ka ce wa mai wayar, "Malam, ƙanina zai same ka a Computer Village, a shagon mai gyara, da rana." Mai gaskiya zai sa lokaci. Wanda ya ƙi haɗuwa da kai, ya ƙi wakilinka, ya ƙi kiran bidiyo, to babu wayar, ko kuma ta sata ce.

To me wakilin zai duba? Ya fara danna *#06#, lambar shaidar wayar, wato IMEI mai lambobi 15, ta fito, ya gwada ta da wadda ke cikin Settings > General > About da ta jikin kwali in akwai. A shafin About ɗin nan, idan an taɓa canza gilashi ko batir da wanda ba na asali ba, sau da yawa za a ga Unknown Part. Ba lallai wannan ya ɓata ciniki ba, amma ya isa a rage farashi. Haka Battery Health: in ya sauka ƙasa da kashi 80, sa kuɗin sabon batir a lissafinka. Sai ya saka layinsa ya yi kira, ya kunna data, ya gwada caji, kyamara, lasifika da Face ID, wanda gyaransa ba ƙaramin aiki ba ne.

Babban gwaji yana ƙarshe, kuma shi mutane suka fi tsallakewa saboda gaggawa. Mai waya ya fita daga iCloud ɗinsa a gaban wakili, a goge komai da Erase All Content and Settings, sannan a kunna ta daga farko a kan intanet. In ta nemi asusun wani, Activation Lock ke nan, kuma mai gyara ba zai warware maka shi tsakani da Allah ba. Android ma tana da irin wannan makulli na asusun Google. Ga kuma wayoyin da aka ɗauka bashi ana biya kaɗan-kaɗan: yau suna aiki lafiya, ranar da mai bashin ya daina biya kamfani ya kulle su daga nesa, gogewa kuma ba ta cire wannan. Don haka a nemi rasit na asali.

Sai wakili ya kira ya ce waya na hannunsa, ta tashi da asusun da ya saka, sannan ka tura kuɗi zuwa asusu mai sunan da ke kan katin shaidar mai sayarwa. A rubuta takarda mai ɗauke da IMEI, farashi, kwanan wata da sa hannunsa, mai shago ya zama shaida. Ranar da 'yan sanda suka bi sawun wayar sata suka iso gare ka, takardar ce za ta nuna a hannun wa ka saya.

Wanda kuma ya riga ya tura aka rufe masa layi, ya kira bankinsa nan take da lambar tiransifa don a nemi tsayar da asusun, ya adana hirarsu duka, sannan ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC.