Text to Columns ko fomula: wanne zai jera ranaku daidai?

"Ina rubuta cinikin dankali na shagonmu a Farin Gada cikin Excel. Mu uku ke shigarwa, kowa da salonsa: 25/03/2024, 25-03-2024, wani ma 03/25/2024. Na danna Sort sai watanni suka cakuɗe. Yaya zan yi?"

Hajiya, Excel ba ya ganin kwanan wata yadda muke gani, lamba yake ajiyewa. 1 ga Janairu 2024 a wurinsa 45292 ce. Wanda bai gane ba sai ya bar shi a matsayin rubutu, rubutu kuwa daga harafin farko ake jera shi, shi ya sa 02/04 ke riga 25/03. Ki duba: na gaskiya suna jingina dama a cikin gidan, na rubutu suna hagu.

Hanya ta farko ita ce Text to Columns. Ki zaɓi layin ranakun, ki shiga Data, ki danna Text to Columns, Next sau biyu, ki zaɓi Date da DMY, wato rana, wata, shekara, sai Finish. Minti ɗaya ne, kuma ba ruwanta ko "/" aka sa ko "-". Aibinta biyu: tana goge na asali, don haka ki kwafa tukuna, kuma ƙa'ida ɗaya take yi wa kowa. 03/25/2024 zai tsaya a hagu, tunda babu wata na 25.

Ta biyu fomula ce. In ranar farko tana gidan A2, ki buɗe sabon layi a gefe ki sa:

```
=DATE(RIGHT(A2,4),MID(A2,4,2),LEFT(A2,2))
```

Wannan ba ta taɓa na asali, kina ganin tsoho da sabo kafaɗa da kafaɗa. Amma rubutu mai harafi 10 cif take so. Ki ba ta 5/3/2024, #VALUE! za ta mayar miki. Abin da ya fi muni, 03/25/2024 ba za ta yi ƙorafi ba: za ta lissafa wata 25 ta kai ki 3 ga Janairu 2026 shiru. Na taɓa neman cinikin mako guda har dare, ashe yana can ƙasan takarda a shekarar da ba ta zo ba.

Ni dai ta farko zan bi, domin wanda ya gagare ta yana nan a fili, ki gyara da hannu.

Inda dukansu suka gaza shi ne 03/04/2024. Uku ga Afrilu ne ko huɗu ga Maris? In kwamfutar a tsarin Amurka take, ta riga ta ɗauke shi huɗu ga Maris tun ranar da aka shigar, ya jingina dama kamar lafiya lau. Duk ranar da ba ta wuce 12 ba abar zargi ce. Nan sai rasit, ko ki tambayi yaron da ya rubuta. In kin tabbatar an juya shi:

```
=DATE(YEAR(A2),DAY(A2),MONTH(A2))
```

Daga gobe ki ce su riƙa shigar da 2024-03-25, shekara, wata, rana. Wannan ko a rubutu ya tsaya, daidai zai jeru.