Hattara da masu gyaran butar lantarki da ke cewa "elimen ya ƙone"

Jama'a, musamman matan gida da ɗalibai, akwai wata damfara da wasu masu gyaran kayan wuta ke yi da butar lantarki. Kuɗin da suke ci ba su kai haɗarin da suke bar wa mutum a ɗaki ba.

Buta ta fara kashe kanta tun ruwa bai tafasa ba, sai a kai wa mai gyara. Ya kwance gindinta, ya girgiza kai, ya ce elimen, wato ƙarfen da ke ɗumama ruwan, shi ne ya ƙone, sai an sa sabo, ya yanka kuɗi kusan rabin na sabuwar buta. Tun daga nan ƙarya ta fito. Elimen da ya ƙone ba ya ɗumama ruwa ko kaɗan. In butarki tana yin zafi sannan ta ɗauke, elimen ɗinta lafiya lau yake. Kuma a butocin yanzu masu shafaffen gindi, a manne yake da farantin ƙasa tun daga kamfani, ba abu ne da ake cirewa a sauya a bakin titi ba.

Abin da ke faruwa a mafi yawan lokuta shi ne farin ɓawon nan da ruwan burtsatse ko na rijiya ke bari a cikin buta. In ya yi kauri, sai ya tare zafi ya hana shi shiga ruwa, farantin ya yi zafi fiye da kima. A ƙarƙashin farantin akwai wani ɗan ƙarfe da aka sa don ya yanke wuta idan an kunna buta babu ruwa. Da ya ji wannan zafin sai ya yanke. Aikinsa yake yi, bai lalace ba.

Ƙanwar maiɗakina ce ta faɗa hannun irin wannan mutumin. Da ta je karɓa ya ce mata, "Hajiya, an sa sabo dal, bari ki gani." Ya zuba ruwa, ya kunna, ruwa na fara tafasa ya yi wuf ya ɗage butar daga mazauninta. Ta ga tururi, ta biya. A gida ne ta lura butar ba ta ƙara yin ƙas ɗin nan ta mutu da kanta ba. Ran nan ta ɗora ruwa da yamma, NEPA suka ɗauke wuta, ta manta filogi a soket. Cikin dare wuta ta dawo, ruwan ya ƙone ƙurmus, warin roba ne ya tashe su. Allah ya kiyaye, tabarma kawai ta ci. Da aka buɗe gindin, tsohon elimen na nan daram. Guntun waya mai gyaran ya samu ya tsallake makunnin da ɗan ƙarfen duka, ya haɗa wutar kai tsaye. Ɓawon ma bai wanke ba.

Kafin ki kai wa kowa, ki leƙa ciki. In akwai ɓawo, ki zuba farin binega da ruwa rabi da rabi har su rufe shi, ko ki matse lemon tsami huɗu zuwa biyar a ruwa, ki ɗumama, ki bar shi kamar awa ɗaya, ki zubar ki ɗauraye sosai. Mai kauri yana son a maimaita. Kanwa ba ta cin sa, tsami yake so, kuma kada a kankare da wuƙa. Sannan ki duba ƙarfin wutar unguwa. Buta mai wat 1500 tana tafasa lita ɗaya cikin kamar minti 4, amma in wuta ta faɗo daga bolt 220 zuwa 170, ƙarfinta ya koma wajen wat 900, sai ki ga tana ta jan lokaci ba laifinta ba.

In ciki ya yi fes, wuta da ƙarfinta, amma har yanzu makunni na faɗowa da wuri ko ba ya tsayawa in an danna, to nan laifin makunni ne. Shi ake sauyawa ɗungurungum, in ba a samu irinsa ba a haƙura da butar.

Ranar karɓar gyara, kada kuɗi su fita sai an gwada a gabanki. A rufe murfi ruf, don tururin da ke taruwa a ciki shi ke kashe makunnin, kuma kada kowa ya taɓa ta. Butar ƙwarai tana mutuwa da kanta cikin 'yan daƙiƙu bayan tafasa. In ta wuce minti ɗaya tana ɓararraka, ko mai gyara ya kai hannu zai ɗage ta, mai yiwuwa an yi mata haɗin kai tsaye. Ki ce ya buɗe gindin ya nuna miki sabon da ya sa, ya kuma ba ki tsohon da ya cire.