Wasiƙar ban haƙuri: amsa laifi ko bayyana abin da ya faru?

Abokan aiki sun sha tambayata wace irin wasiƙa ta fi dacewa kamfani ya aika wa abokan hulɗarsa bayan layinsa ya ɗauke na tsawon lokaci. Mu ɗauka kamfanin intanet ne da ya yi kwana uku ba ya aiki saboda masu gyaran titi sun tsinke babbar wayarsa.

Wasiƙa ta farko tana cewa: "Sakacinmu ne ya jawo muku wannan asara." Tana sanyaya zuciya nan take, amma kalmomin sakaci da asara hukunci ne da kamfani ya yanke wa kansa tun kafin a kammala bincike, kuma lauyan ɗan kasuwar da cinikinsa ya tsaya zai iya kai takardar gaban alƙali.

Ta biyu tana cewa: "Daga safiyar Litinin zuwa daren Laraba ba mu iya ba ku intanet ba, domin wayarmu ta tsinke, kuma ta ko-ta-kwana ba ta ɗauki nauyin ba. Muna ba ku haƙuri, kuma mun ƙara wa kowa kwana uku." Babu ƙarya a cikinta, sai dai tana da wuyar rubutawa, domin dole injiniyoyi su tabbatar da kowace jimla. Haɗarinta shi ne, idan lauya ya tace ta fiye da kima, sai ta koma "muna nadamar duk wani tsaiko da wataƙila aka samu", wadda ni ina ganin ta fi shiru ɓata rai.

Ta farko ta dace da kamfanin da ya gama bincike, ya kuma yanke shawarar biyan diyya. Ta biyu kuwa ta wanda bincikensa bai kammala ba ce, ko wanda wasu ke da hannu a matsalarsa.